Zazzaɓin cizon sauro: dalilin da yake tafiya ya dawo, da yadda ake gane ya tsananta a jikin ƙaramin yaro

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye da masu jinyar yara suka fi yi game da maleriya. Rabin farko bayanin abin da ke faruwa ne a cikin jini. Rabi na biyu kuma abin da ido zai iya gani ne a jikin yaro ɗan ƙasa da shekara biyar, da abin da ake yi masa idan an kai shi asibiti.

Me ya sa zazzaɓin ke zuwa, ya tafi, ya kuma dawo?

Saboda ƙwayar cutar tana da lokacin da take fasa jini, kuma zazzaɓin yana bin wannan lokacin ne.

Idan macen sauro mai ɗauke da cutar ta ciji mutum, ƙwayoyin da ta zuba ba sa tsayawa a jini. Hanta suke nufa, su shiga cikinta su yi ta hayayyafa har kusan mako guda. Duk tsawon wannan lokaci mutum lafiyarsa ƙalau, ba ciwon kai ba kasala. Shi ya sa ba a fara jin ciwon sai bayan kwana 7 ko fiye da cizon, galibi kwana 10 zuwa 15. Wanda sauro ya ciza jiya da daddare ya tashi da zazzaɓi yau, to ba cizon jiyan ba ne ya kwantar da shi.

Daga hanta sai su kwararo cikin jini, kowace ta kutsa cikin jar ƙwayar jini guda. A can ciki take zama tana cin sinadarin da ke sa jini ja, tana girma, sannan ta rarrabu gida-gida, ta zama goma sha wani abu, wani lokaci har talatin. Idan sun cika, sai ƙwayar jinin ta fashe. 'Ya'yan su fito su nemi sababbin ƙwayoyin jini, dattin da uwar ta tara kuma ya watsu cikin jini, har da wani baƙin gari da ke saura bayan ta narkar da abin da ta ci. Muddin ƙwayar cutar na ɓoye a cikin ƙwayar jini, garkuwar jiki ba ta cika ganinta sosai ba. Ranar fashewa ce asirinta ke tonuwa. Ƙwayoyin garkuwa sukan ci karo da wannan datti, su saki sinadaran da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa cewa a ɗaga zafin jiki.

Da a ce kowace ƙwaya tana fashewa lokacin da ta ga dama, da zazzaɓin ba zai riƙa sauka ba. Amma sau da yawa tsara guda ne: tare suka shiga, tare suka girma, tare kuma miliyoyinsu ke fashewa cikin 'yan sa'o'i. Zazzaɓi ya taso gaba ɗaya. Da 'ya'yan sun shige sababbin ƙwayoyin jini, jiki kuma ya kwashe dattin, sai zafin ya sauka, sai kuma zagaye na gaba. Wani likita ɗan Italiya, Camillo Golgi, shi ya fara nuna haka a wajajen 1885 da 1886. Ya riƙa duba jinin majinyata sa'a bayan sa'a, ya ga tashin zazzaɓin yana dacewa da lokacin da ƙwayoyin ke rarrabuwa.

To me ya sa mutum ke rawar sanyi alhali jikinsa zafi rau?

Akwai wani ɗan sashe a ƙwaƙwalwa da ke tsayar da zafin jiki a wajen digiri 37. Idan saƙon garkuwa ya iso, sai ya ɗaga ma'aunin zuwa 39 ko 40. A wannan lokaci jiki yana nan a 37, ƙwaƙwalwa kuwa 40 take nema, don haka a wurinta mutum yana cikin sanyi. Sai ta tsuke jijiyoyin fata, hannu da ƙafa su yi sanyi, ta sa tsokoki makyarkyata don su samar da zafi. Ga mutum yana karkarwa, haƙora na haɗuwa, yana neman bargo a kan bargo. Wannan matakin yakan ɗauki minti 15 zuwa sa'a guda.

Idan jiki ya kai inda ake so, rawar sanyin ta tsaya, sai a shiga matakin zafi: fata ta bushe ta yi zafi, kai na sarawa, ga amai, ga ƙishirwa. Wannan yakan kai sa'a biyu zuwa shida. Daga nan ma'aunin ya koma 37, jiki kuma ya ga zafi ya yi masa yawa, sai gumi ya karyo, tufafi su jiƙe sharkaf, mutum ya yi barcin gajiya. Duka-duka sa'a 6 zuwa 10 ke nan.

Ƙananan yara ba su cika nuna matakan nan uku a jere ba. Jariri ba kasafai yake rawar sanyi irin ta babba ba. Abin da uwa za ta gani shi ne zafi, rigima, ƙin nono, amai, wani lokaci da gudawa ko ɗan tari.

Kwana nawa ne tsakanin wannan tashi da na gaba?

Ya danganta da irin ƙwayar. Iri biyar ne ke kama ɗan Adam. Falsifarum, da bibaks, da obale suna kammala zagayensu a jini cikin sa'a 48 ko kusa da haka, wato zazzaɓi yau, hutu gobe, zazzaɓi jibi. Malariye sa'a 72 take ɗauka, hutun kwana biyu ke nan a tsakani. Nolesi, wadda asalinta ta birai ce a kudu maso gabashin Asiya, sa'a 24 kacal.

Falsifarum ce ke da alhakin kusan duk mace-macen, ita ce kuma ta fi yawa a Afirka kudu da Sahara. Duk abin da ya biyo baya a kanta ne.

Zazzaɓin ɗana kullum ne, ba ya tsallake rana. Ke nan ba maleriya ba ce?

A'a, kada a yanke haka. Falsifarum ita ce ta fi kowacce rashin bin tsari, musamman a kwanakin farko da kuma a jikin yara. Ƙwayoyin ba rana ɗaya suke fitowa daga hanta ba, kuma yaro yana iya samun cizo fiye da ɗaya a ranaku daban-daban. Idan akwai tsara biyu a jini, ɗaya na fashewa Litinin da Laraba, ɗayar Talata da Alhamis, kowacce tana bin sa'a 48 ɗinta, amma yaron kullum yana cikin zazzaɓi. Idan sun fi biyu, zafin ma ba ya sauka sosai.

Tsarin yau da jibi yakan fito ne bayan ciwon ya kwana biyu ba a yi magani ba, tsararrakin sun daidaita. Wani abin da ke taimakawa wajen daidaita su shi ne zafin kansa: an nuna a ɗakin gwaji cewa zafin digiri 40 ya fi yi wa ƙwayoyin da suka girma illa fiye da sababbin shiga, don haka waɗanda suka tsira sa'annin juna ne. Ma'ana, wanda ya zauna jiran ya ga tsarin kafin ya yarda maleriya ce, ya ba ta kwanakin da take buƙata. Ba a gane maleriya da ƙidayar kwanaki. Da gwajin jini ake gane ta, ko na ɗigon jini a ɗan faifai da ke ba da amsa cikin minti 15 zuwa 20, ko na duba jini a madubin asibiti. Yaron da ke zaune ko ya je inda ake maleriya, ya yi zazzaɓi, a gwada shi cikin sa'a 24.

Ya yi gumi, jikinsa ya yi sanyi, har ya tashi yana wasa. Ba ya warke ba ke nan?

Nan ne aka fi yin asara. Ranar hutun ba sauƙi ba ne, ranar girman ƙwayoyin ce.

Ba duk 'ya'yan da suka fito ke samun shiga ba, saifa tana kama wasu. Duk da haka a jikin wanda ba shi da garkuwa yawansu yana iya ninkawa kusan sau goma a kowane zagaye. A yi lissafi: idan ranar Litinin ƙwayar jini ɗaya cikin dubu ce ta kamu, ranar Laraba ɗaya cikin ɗari ce, ranar Juma'a ɗaya cikin goma. Jiki yakan rage wannan gudu, ba kullum abin ke tafiya daidai da lissafi ba, amma ga yaron da jikinsa bai san cutar ba yana iya kusantar haka. Ɗaya cikin goma kuwa ita kaɗai ta isa a ce ciwon ya tsananta.

Akwai kuma abin da falsifarum ke yi wanda sauran ba su kai ta ba. Idan ta kai rabin zagayenta, sai ta fitar da wani abu mai danƙo a bayan ƙwayar jinin da take ciki, ƙwayar ta manne a bangon ƙananan jijiyoyi: na ƙwaƙwalwa, na hanji, na huhu, na ƙoda. Dabararta ke nan ta kauce wa saifa, wadda ke tace jini tana cire lalatattun ƙwayoyi. Illar ita ce hanyoyin jini suna cushewa, naman da ke bayansu ya rasa iskar da jini ke kawowa. Wannan mannewar tana faruwa ne a rabin ƙarshe na zagaye, wato sau da yawa daidai lokacin da jiki ya yi sanyi ake cewa an samu sauƙi.

Farasitamol ma yana ƙara rufe ido. Yana sauke zafi, yaro ya ji daɗi, kuma ba laifi a ba shi daidai nauyinsa. Sai dai bai taɓa ƙwayar cutar ko ɗaya ba. Asfirin kuwa ba a ba yara.

Yawan zafin jiki ne ke nuna ciwon ya yi tsanani?

Ba shi ba ne. Yaro yana iya kai digiri 40 yana zaune yana kuka da ƙarfi yana fizgar kofi, wannan yana buƙatar gwaji da magani yau, amma ba ya cikin hatsarin nan take. Wani kuma yana 37.5, ko ma jikinsa sanyi ƙalau, ya yi laƙwas ba ya ɗaga kai. Na biyun ne abin tsoro. A jerin alamomin maleriya mai tsanani na Hukumar Lafiya ta Duniya babu yawan zafi a ciki ko kaɗan.

Dalilin da ya sa ƙanana suka fi shiga hatsari shi ne garkuwar maleriya a hankali ake tara ta, bayan kamuwa sau da yawa. Jariri yana da ɗan kariyar da ya samo daga uwa, wadda ke gushewa cikin watannin farko. Daga wajen wata shida zuwa shekara biyar ga shi ba ta uwa ba tasa. Jininsa kaɗan ne, sukarin da hantarsa ta adana ma kaɗan ne. A ƙiyasin hukumar na shekarar 2023, mutum kusan 597,000 maleriya ta kashe a duniya, kuma a Afirka kusan kashi uku cikin huɗu na mamatan 'yan ƙasa da shekara biyar ne.

To me zan duba a gida, ni da ba ma'aikaciyar lafiya ba?

Ki duba abin da yaron ke iya yi, ba zafin goshinsa ba.

Fara da zama. Zaunar da shi ki saki hannu. Yaron da a da yake zama ko tafiya, yau ya langaɓe ya zube gefe, ba gajiya ba ce. Ga jaririn da bai isa zama ba, nono ne ma'auni: ƙin nono da rigima daban, kasa kamawa da tsotsa daban. Wanda aka sa masa a baki ya bar shi ya zame, ko aka ba shi ruwa ya dawo ta gefen baki, ya shiga hatsari. Haka wanda duk abin da ya shiga cikinsa sai ya dawo, don ko maganin sha aka ba shi ba zai zauna ba.

Sai ido. Kira sunansa, ki matsar da fuskarki daga dama zuwa hagu. Yaro mai ciwo amma hankalinsa na nan zai bi ki da kallo ko da yana kuka. Wanda idonsa ke buɗe yana kallon sama bai san kin zo ba, ko wanda sai an girgiza shi yake buɗe ido ya sake lumshewa, ba barcin sauƙi yake yi ba.

Na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, ni kuwa a ganina ya kamata kowace uwa ta san shi kamar yadda ta san jijjiga. Ɗaga rigarsa ki kalli ƙirji lokacin da ba ya kuka. Akwai wani numfashi mai zurfi, kamar na wanda ya sha gudu, alhali yaron a kwance yake ba ya motsi, sau da yawa ba tari ba mura. Ƙirji na cika yana saukowa, wani lokaci ƙasan haƙarƙari na shigewa ciki. Ba huhu ne ya lalace ba. Naman jiki ne ya rasa iska saboda cushewar jijiyoyi da ƙarancin jini, ya koma samar da ƙarfi ta hanyar da ke tara tsami a jini, jiki kuma yana ƙoƙarin fitar da tsamin ta numfashi. Wani bincike da aka yi a asibitin Kilifi na Kenya, aka wallafa a 1995, ya nuna alamu biyu kawai, gushewar hankali da wahalar numfashi, su ne ke tattare da mafi yawan yaran da suka rasu, kuma yawancinsu cikin sa'a 24 na farko da kwantar da su.

Sannan buɗe tafin hannunsa a hankali, kada ki ja yatsun baya da ƙarfi, ki ɗora kusa da naki a cikin haske. Idan ya yi fari fat, har layukan tafin sun koɗe, jini ya yi ƙasa ƙwarai. Cikin fatar ido ta ƙasa da harshe ma suna nunawa.

Saura kuma: jijjiga, fitsari ja mai duhu ko baƙi-baƙi, ƙarancin fitsari, ido ya yi rawaya, hannu da ƙafa sanyi, zubar jini ta hanci ko dasashi. Ɗaya tak daga cikin duk waɗannan ta isa a kai shi asibiti. Ba a jira safiya, ba a jira a ga ko maganin da aka fara zai yi aiki.

Ai zafi kawai ma yana sa yara jijjiga. Yaya za a bambanta?

Gaskiya ne, yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar suna jijjiga saboda zafi kowane iri ne. Irin wannan takan zo sau ɗaya, ta ɗauki 'yan mintuna, yaron ya yi ɗan barci ya farka ya gane uwarsa. Ta maleriyar ƙwaƙwalwa takan maimaitu, kuma yaron ba ya dawowa hayyacinsa. A asibiti, fiye da sau biyu cikin sa'a 24, ko suman da ya wuce minti 30 bayan jijjigar ta tsaya, ana ɗaukarsa ciwo mai tsanani.

Amma wannan rarrabewar aikin asibiti ce. A gida, jijjiga ko sau ɗaya tare da zazzaɓi dalilin tafiya ne. A kuma sani ba kowace jijjiga ke girgiza jiki duka ba. Wata iyakarta ido ya karkace gefe guda ya tsaya, ko gefen baki ko yatsa ɗaya na motsi, ko yawu na dalala, numfashi na yankewa.

Lokacin da take faruwa, a kwantar da shi ta gefe, a sassauta tufafi, a kawar da abin da zai buge. Kada a cusa cokali ko yatsa a baki, kada a ɗura masa komai. Yaro ba ya haɗiye harshensa, amma abin da aka ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa huhu yake tafiya.

Yaya ma'aikatan asibiti ke auna zurfin suma a yaron da bai iya magana ba?

Da wani ma'auni mai maki biyar da aka tsara a Blantyre ta Malawi, aka wallafa a 1989. Ana duba abu uku. Ido: idan yana bin fuska ko abu, maki ɗaya, in ba ya bi, babu. Sai a danna ƙashin ƙirji da gaɓar yatsa, ko a matsa farce: idan ya kai hannu ya ture abin da ke masa ciwo, maki biyu, idan janye gaɓar kawai ya yi, ɗaya, in bai motsa ba, babu. Kuka: na sosai biyu, nishi ko wani baƙon kuka ɗaya, shiru babu. Lafiyayye yana da biyar. Biyu ko ƙasa da haka dogon suma ne, kuma idan akwai falsifarum a jini, aka gyara ƙarancin sukarin jini bai farka ba, aka kuma kawar da sanƙarau, shi ake kira maleriyar ƙwaƙwalwa. Ko da magani, kusan ɗaya cikin biyar ko shida na irin waɗannan yara ba sa tashi. Hotunan ƙwaƙwalwa da aka ɗauka a can Malawi, aka wallafa a 2015, sun nuna kumburin ƙwaƙwalwa ne ke tsayar da numfashin yawancin waɗanda suka rasu.

Me ake yi wa yaron idan an isa? A ba mu misali.

A ɗauka yarinya ce 'yar shekara biyu, nauyinta kilo 12. Litinin da yamma ta yi zafi, aka ba ta farasitamol. Talata ta wuni tana wasa. Laraba zafin ya dawo da amai, ta ƙi abinci. Alhamis da asuba jikinta ba zafi sosai, amma an zaunar da ita ta zube, tana jan numfashi mai zurfi. Aka isa asibiti ƙarfe tara.

Ma'aikaciyar jinya ta duba: ido ba ya bin fuska, ta ture hannun da ya danna mata ƙirji, kukan kuma nishi ne kawai. Maki uku ke nan. Daga ɗigon jinin yatsa aka yi gwaji uku. Na maleriya ya nuna akwai. Sukari ya nuna 2.0, alhali ƙasa da milimol 2.2 a lita alamar tsanani ce, kuma a yara tun daga ƙasa da 3 ake gyarawa. Ƙarfin jini ya nuna giram 4.2, inda na lafiyayyen yaro yake 11 ko fiye, 5 zuwa ƙasa kuma shi ne matsanancin ƙarancin jini.

Sukari ake fara gyarawa, don shi ne mai saurin lalata ƙwaƙwalwa kuma mai saurin gyaruwa. Yarinyar tun Laraba ba ta ci ba, ƙwayoyin cutar ma sukari suke ci. Ana ba da ruwan gulukos mai ƙarfin kashi 10 ta jijiya, mililita 5 a kowane kilo, nata 60 ke nan, a sake aunawa bayan rabin sa'a. Wani yaron da wannan kaɗai yake buɗe ido.

Sai allurar atesunet, maganin kashe ƙwayar maleriya, ta jijiya. Yaron da bai kai kilo 20 ba miligiram 3 ake ba shi a kowane kilo, wanda ya kai kuma 2.4, saboda jikin ƙanana ya fi saurin fitar da maganin. Nata miligiram 36. Kwalbar mai miligiram 60 ce, idan aka haɗa ta don jijiya tana zama mililita 6, sai a ja 3.6. Za a yi mata ƙarfe tara na safe, tara na dare, da tara na safiyar Juma'a, ko da ta farfaɗo kafin nan. An fifita atesunet a kan kwinin ne saboda yana kashe ƙwayoyin tun suna ƙanana, kafin su manne a jijiyoyi. Wani babban gwaji a kan yara fiye da 5,000 a ƙasashen Afirka tara, wanda aka wallafa a 2010, ya sami mutuwar kashi 8.5 cikin ɗari da atesunet, 10.9 da kwinin.

Ƙarin jini ba makawa, tunda ga ƙarancinsa ga wahalar numfashi: mililita 20 a kowane kilo, 240 ke nan, a hankali cikin sa'a uku zuwa huɗu. Jinin da ta rasa ba wanda cutar ta fasa kaɗai ba ne, saifa tana kwashe har da ƙwayoyin da ba su kamu ba, ɓargo kuma ya rage yin sababbi. Iyaye sukan matsa a ƙara ruwa da yawa, amma wani gwaji a Kenya da Uganda da Tanzaniya a 2011 ya nuna zuba ruwa da sauri ga yara masu zazzaɓi mai tsanani yana ƙara mutuwa. Don haka idan aka ga ruwan na ɗiga a hankali, da gangan ne.

Idan ta iya haɗiya bayan allura ta uku, sai a koma maganin sha mai haɗin atimisinin, cikakken kwana uku. Allurar kaɗai ba ta gama aikin.

Idan asibitin da ke da allura da jini yana da nisa fa?

Akwai atesunet na matsawa ta dubura, don 'yan ƙasa da shekara shida, wanda ma'aikacin lafiya na kusa ke iya sakawa: miligiram 10 a kowane kilo. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 100 ga wanda bai wuce kilo 10 ba, biyu ga wanda ya fi haka har zuwa kilo 20. A haɗe ɗuwawun na minti goma, idan ta fito cikin rabin sa'a a saka wata. Amfaninta ta sayi lokacin tafiya ne kawai. Yaro yakan ɗan farfaɗo bayan an saka, kuma iyayen da suka ga haka suka fasa tafiya sun koma cikin tarkon ranar hutu. A hanya, in yana iya tsotsa a ci gaba da ba shi nono. In ba ya iya haɗiya, a ɗan jiƙa sukari a shafa ƙarƙashin harshe, a riƙe shi ta gefe.

Gwaji ya nuna maleriya. Me ya sa kuma ake son ɗibar ruwan bayansa, ana ƙara masa wata allura?

Saboda samun ƙwayar maleriya a jini bai hana wani ciwon zama tare da ita ba. Inda cutar ta yi yawa, yara da dama suna yawo da ita a jini ba tare da ita ce ta kwantar da su ba, kuma gwajin faifai yana iya ci gaba da nunawa makonni bayan an warke. Sanƙarau yana kawo zafi da jijjiga da suma, ciwon huhu yana kawo wahalar numfashi, ido ba ya raba su da maleriya. Ruwan baya ne ke nuna sanƙarau. Shi ya sa ake haɗa wa yaro mai ciwo mai tsanani da allurar kashe bakteriya tun farko, har sai an tabbatar.

Akasin haka ma yana faruwa. Madubi yana iya nuna ƙwayoyi kaɗan a jinin yatsa alhali yaron ya galabaita, don mafi yawansu sun manne a ciki ba sa yawo. Likita yanayin yaron yake bi, ya sake gwajin bayan wasu sa'o'i.

An sallame mu. Da sauran abin lura?

Akwai. A gama maganin sha duka. A koma a auna jini bayan mako ɗaya da kuma na biyu, domin wasu yaran da aka yi wa atesunet, musamman waɗanda ƙwayoyin suka yi wa yawa, jininsu yakan sake faɗuwa tsakanin mako ɗaya zuwa uku, ko da babu sauran cuta. Alamarsa fari, kasala, da duhun fitsari. Yaran da aka ƙara wa jini suna cikin hatsarin sake kwanciya a watannin farko, shi ya sa tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba su maganin kariya na wasu watanni bayan sallama a wuraren da cutar ta yi yawa. A tambaya kafin a bar asibiti.

Wanda ya yi dogon suma kuma a lura da ganinsa, jinsa, maganarsa da tafiyarsa. Kusan ɗaya cikin goma na fita da wata matsala a bayyane, kamar raunin gefe guda ko rashin gani, kuma da yawa daga ciki suna gyaruwa cikin watanni. Farfaɗiya ko wahalar koyo kan iya bayyana daga baya, don haka a faɗa wa duk likitan da zai duba shi nan gaba cewa ya taɓa yin maleriyar ƙwaƙwalwa.